"Malam Akanta, An Haɗa Lissafin Nan Daidai Kuwa?"

A ranakun farko na kowane wata, akwai wani irin saƙo da ke faɗowa wayar duk wanda ke duba wa 'yan kasuwa littafi. Kalmomin kan ɗan bambanta, amma abin da ake nufi ɗaya ne: "Salamu alaikum, Malam, barka da aiki. Ga lissafin watan jiya. Don Allah a duba mini, an haɗa shi daidai kuwa? Ina ganin kamar kuɗin bai kai ba." Sai a biyo shi da hoto guda na shafin ƙarshe na littafin ciniki, inda yaron shago ya ja layi biyu a ƙarƙashin wani babban adadi.

Mai saƙon yana da gaskiyar damuwa, kuma tambayarsa tana bisa hanya. Sai dai tambayoyi biyu ne ya cusa cikin ɗaya. Ta farko: alƙaluman da ke shafin nan, idan aka tara su, suna ba da wannan jimillar? Ta biyu: abin da ke rubuce a shafin, shi ne abin da ya faru a shagon? Ta farko aikin minti goma ne. Ta biyu kuwa ba za ta amsu da hoton shafi ɗaya ba. Akanta zai iya cewa "an haɗa daidai", ya kuma faɗi gaskiya, alhali kuɗin mai shago yana zurarewa ta wani wajen da ba a duba ba.

Mu ƙaddara wani mai shagon kayan masarufi, irin wanda ke sarin shinkafa da sukari da taliya a kasuwar Singa ta Kano ya kai unguwa yana sayarwa. Za mu kira shi Alhaji kawai. Yaronsa yana rubuta cinikin kowace rana a gida uku: tsabar kuɗi, abin da aka biya ta POS ko tiransifa, da abin da aka ɗauka bashi. A ƙarshen mako ya tara, a ƙarshen wata ya kwafi jimillar makonnin zuwa shafin ƙarshe. A wannan watan shafin ƙarshe ya nuna cinikin naira 3,154,000.

Abu na farko da akanta zai yi, ba sake danna alƙaluman shafin nan a kalkuleta ba ne. Idan ya yi haka zai samu 3,154,000 ɗin nan dai, domin tarin da aka yi a shafin lafiyarsa lau. Abin da zai yi shi ne ya bi wata hanyar daban zuwa ga adadin. Yaro ya tara mako-mako, shi sai ya tara gida-gida. Tsabar kuɗin wata gaba ɗaya ta kama naira 1,766,000. POS da tiransifa sun kama 1,214,000. Bashi ya kama 201,000. Ukun nan idan aka haɗa su, 3,181,000 ke nan. Alƙaluma iri ɗaya ne, an tara su a tsaye an kuma tara su a kwance, don haka dole amsar ta zama ɗaya. Tunda ba ta zama ɗaya ba, akwai kuskure, kuma an san girmansa: naira 27,000.

Dalilin sauya hanya yana da sauƙin fahimta. Idon da ya karanta bakwai a matsayin ɗaya a karo na farko, yakan sake karanta shi haka a karo na biyu da na uku. Mutum sai ya tara shafi sau uku, amsa ɗaya tana fitowa, ya natsu, alhali kuskure ɗaya yake maimaitawa. Ko da gida ɗaya ne kawai a littafin, a tara daga sama zuwa ƙasa, sannan a dawo daga ƙasa zuwa sama, ko a ba wani ya karanta da baki wani yana dannawa.

Yanzu ga wurin da na fi so mai shago ya tsaya ya fahimta, domin a nan ne zai rage wa kansa wahalar bin littafi layi-layi har dare ya raba. Giɓin da aka samu, wato 27,000, yana ɗauke da alamar inda kuskuren yake.

Akanta zai raba shi da tara. Ya rabu ba saura, ya ba da 3,000. Duk lokacin da aka juya lambobi biyu da ke maƙwabtaka, a rubuta 25 a maimakon 52, ko 18 a maimakon 81, bambancin da zai fito dole tara ta raba shi. Ba sihiri ba ne. Lambar da ta tashi daga gidan goma ta koma gidan ɗaya ta yi asarar tara-tara sau adadinta, wadda ta hau gidan goma kuma ta samu ƙarin tara-tara sau nata adadin. Abin da ya rage tsakaninsu tara ce sau ratar da ke tsakanin lambobin biyu. Shi ya sa 52 da 25 ke da bambancin 27: tara sau uku, uku kuma ita ce ratar biyar da biyu.

Ke nan 3,000 ɗin nan ta faɗa mana abu biyu. Ukun ta ce a nemi lambobi biyu maƙwabta da ratarsu uku ce. Sifilai ukun da ke bayanta sun ce lambobin suna gidan dubu da gidan dubu goma. Sai a koma ainihin shafukan makonni. Mako na farko 752,500, na biyu 729,000, na uku 771,500, na huɗu tare da ragowar kwanakin wata 928,000. A gidajen da muke nema, mako na biyu yana da biyu da tara, na uku bakwai da ɗaya, na huɗu biyu da takwas. Na farko ne kaɗai ke da biyar da biyu. Aka buɗe shafin ƙarshe, ga shi nan: yaro ya kwafi 725,500 a maimakon 752,500. Ba wanda ya ɗauki ko sisi. Hannu ne ya riga ido.

Tara tana kama wani kuskuren kuma, wanda ya fi wancan ɓarna: zubar da sifili ko ƙara shi. Idan aka sayar da kayan 45,000 aka rubuta 4,500, giɓin 40,500 ne. Raba shi da tara, sai 4,500 ta fito, wato ainihin adadin da aka rubuta bisa kuskure. Sai a bi littafin ana neman inda aka rubuta 4,500. Wannan ya fi faruwa a littafin da ba a jera lambobi a saitin juna, ko inda wani ke rubuta 45 yana nufin dubu arba'in da biyar, wani kuma yana cika sifilansa. Shago ya tsayar da salo ɗaya.

Idan tara ba ta raba giɓin ba, a gwada biyu. Kuɗin da ya kamata a cire amma aka tara shi yakan bar giɓi ninkinsa biyu. A ce an biya 17,000 kuɗin dako da sauke kaya, aka rubuta shi a gidan shiga maimakon gidan fita. Littafin zai kauce da 34,000: sha bakwai da ba a cire ba, da sha bakwai da aka ƙara. Mai neman 34,000 a littafin ba zai same ta ba, rabinta zai nema. Giɓin da ya zo cif, kamar 1,000 ko 10,000, sau da yawa ajiya ce aka manta wajen tarawa da hannu. Giɓin da kuma ya yi daidai da cinikin wata rana sukutum, to an tsallake ranar ko an sa ta sau biyu, abin da ya fi faruwa wajen juya shafi.

Waɗannan dabaru suna da iyaka, kuma wajibi ne a san ta. A cikin kowane adadi tara, ɗaya yana rabuwa da tara haka kawai, ba tare da an juya wata lamba ba. Don haka rabuwar ishara ce ta inda za a fara dubawa, ba hukunci ba. Sannan duk suna aiki ne idan kuskuren guda ɗaya ne. Kurakurai biyu idan suka haɗu, giɓin ya zama cakuɗe, ba ya nuna komai. Mafi muni shi ne idan suka cinye juna: an ƙara 5,000 a nan, an rage 5,000 a can, jimilla ta fito tas, ba wanda ya san akwai abin nema.

Masu shaguna da yawa yanzu sun koma Excel ko makamancinsa a waya, suna ganin batun kuskuren tarawa ya ƙare. Na'ura ba ta kuskuren tarawa, gaskiya ne, amma abin da aka nuna mata kawai take tarawa. Idan layi na ɗaya kanun gidaje ne, wata mai kwana talatin zai ƙare a layi na 31, umarnin kuma zai kasance haka:

```
=SUM(B2:B31)
```

Aka kwafi wannan shafin don wata mai kwana 31, ba a taɓa umarnin ba, cinikin ranar ƙarshe zai iya zama a waje yana kallo. Haka kuma idan aka rubuta adadi haɗe da kalma, ko aka kwafo shi daga wani saƙo ya shigo a matsayin rubutu, SUM zai tsallake shi shiru ba gargaɗi. Alamarsa ita ce adadin yakan jingina a hagun gida alhali sauran suna dama. Gwajin da ke tona duka biyun shi ne a sa na'urar ta ƙirga gidajen da take gani a matsayin lamba:

```
=COUNT(B2:B32)
```

Idan shago ya buɗe kwana 31 amsar ta fito 30, akwai ranar da ba ta shiga ba. Wannan ba kuskuren ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba ne. A shekarar 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi shafin lissafin wasu manyan masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Harvard, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, wanda suka gina wani sanannen bincike na 2010 a kansa game da bashin ƙasashe. Ya tarar umarnin da suka sa bai kai ƙarshen jerin ba, ya bar ƙasashe biyar a waje. An yi shekara uku ana kafa hujja da binciken kafin wani ya buɗe shafin ya duba inda umarnin ya tsaya.

To, an gyara jimillar Alhaji ta koma 3,181,000. Tambayarsa ta farko ta amsu. Amma abin da ya hana shi barci tun farko shi ne "kamar kuɗin bai kai ba", wannan kuwa ba a taɓa shi ba tukuna. Littafi ba ya zama shaidar kansa. Dole a gwada shi da wani abin da ba yaron shago ne ya rubuta ba: takardar bayanin asusu daga banki, wadda ake ce wa sitatimen, da kuɗin da aka ƙirga a durowa, da rasit ɗin sari.

A ɗauki gidan POS da tiransifa. Littafi ya ce 1,214,000. Sitatimen ya nuna 1,236,000 ne suka shigo. Banki ya fi littafi da 22,000, kuma mai shago zai iya cewa ai tunda ƙari ne, ba komai. A nan ne ake yin asara ba a sani ba. Da akanta ya jera takardun biyu yana sa alama ga kowane shigar kuɗi da ya samu abokinsa, sai abubuwa huɗu suka rage ba aboki. Wata mai abinci ta turo 60,000, biyan bashin kayan da ta ɗauka tun watan da ya gabata. Kuɗi ne ya shigo, amma ba cinikin wannan watan ba ne, don haka babu shi a gidan ciniki. Cajin da ake cirewa a kan POS ya taru ya kai 6,000, shi kuma littafi yana rubuta cikakken kuɗin kaya ne. Wata tiransifa ta 7,000 da aka yi daren ƙarshen wata ba ta sauka ba sai ranar ɗaya ga sabon wata. Sai na huɗu: cinikin 25,000 da aka rubuta an biya ta tiransifa ranar sha biyu ga wata, babu shi a banki ko kaɗan. An nuna wa yaro alat a waya, ya ba da kaya, kuɗin bai taɓa zuwa ba.

Tara 60,000 a kan 1,214,000, ka cire 6,000 da 7,000 da 25,000, za ka sauka daidai a kan 1,236,000. Ukun farko bayani ne kawai, ba asara ba, in ban da cajin da ya kamata a rubuta shi cikin kashe-kashen shago. Na huɗun ne kuɗin Alhaji da ya ɓata, ya kuma ɓuya a bayan wani adadin da ya yi kama da riba. Duk wanda ya tsaya ga tambayar "an haɗa daidai?" ba zai gan shi ba, domin 25,000 ɗin nan an rubuta ta daidai, an kuma tara ta daidai.

Bashi ne ya fi kowane abu rikita littafin ƙaramin shago, kuma ta hanya ɗaya yake yi kusan ko'ina. Ana rubuta kayan a matsayin ciniki ranar da aka ɗauka, sannan ranar da aka kawo kuɗin a sake rubuta shi a gidan tsabar kuɗi kamar sabon ciniki. Buhu ɗaya ya fita, littafi ya ce biyu. Jimillar wata sai ta kumbura, mai shago ya ga riba a takarda wadda ba ta cikin aljihu. Maganinsa gida na huɗu ne a littafin, mai suna biyan bashi, wanda ba ya shiga jimillar ciniki. Shi ma yana da nasa gwajin: bashin da ake bin mutane a farkon wata, a ƙara sabon da aka bayar, a cire abin da aka biya, abin da ya rage dole ya yi daidai da jerin sunayen masu bashi idan aka tara shi.

Tsabar kuɗi ma haka ake bi da ita. Abin da aka kwana da shi a durowa farkon wata, a ƙara cinikin hannu da bashin da aka biya a hannu, a cire kuɗin sari da na dako da na wuta da ladan yaro da abin da aka kai banki, ragowar ita ce ya kamata a ƙirga a samu. A nan kuma sau da yawa giɓin yana hannun mai shagon ne da kansa. Kuɗin cefane da safe, zubin adashe, gudunmawar biki, ɗan abin da aka ba ɗan'uwa da ya zo wucewa: duk halal ɗinsa ne, shagonsa ne, amma idan ba a rubuta ba, a ƙarshen wata kamannin sata suke ɗauka. Ina ganin wannan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata a aika saƙon da zargi a cikinsa ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, in ji masu magana, balle a nan da sau tari ba gaskiyar ba ne. Yaron da aka ɗora wa tuhuma a kan 27,000 da ta zama juyin lamba, ko an ba shi haƙuri daga baya, zaman ba zai koma yadda yake ba.

Saboda haka saƙon da zai samu amsa mai amfani ya ɗan fi na farkon tsawo, ko da yake bai fi layi shida ba. Ga yadda Alhaji zai rubuta shi:

"Salamu alaikum, Malam, barka da aiki. Lissafin watan Yuni ne, daga 1 zuwa 30. Shafin ƙarshe ya nuna ciniki 3,154,000, ni kuma da na tara gida-gida na samu 3,181,000, bambanci 27,000. Na turo hoton duk shafukan ranaku, da sitatimen na watan, da jerin masu bashi na farkon wata da na ƙarshensa. Kuɗin da na ƙirga a durowa daren 30 ga wata yana rubuce a shafin ƙarshe, tare da abin da na ɗiba na kai gida. Ina so a duba mini tarin, sannan a gwada shi da banki."

Kowane abu a ciki yana da aikinsa. Ranakun farko da ƙarshe suna hana rikici a kan cinikin da ya faɗa tsakanin wata biyu. Adadi biyu da giɓinsu suna ba akanta abin da zai raba da tara kafin ma ya buɗe hoto. Shafukan ranaku su ne asali, shafin ƙarshe kwafi ne kawai, kuma kuskuren kwafi ba ya ganuwa a jikin kwafin. A ɗauki hoton da haske, shafi ɗaya a hoto ɗaya, gefen dama bai yanke ba, domin nan ne sifilai suke. Batun abin da aka kai gida kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akantan da aka ɓoye wa wannan zai ɓata yini yana neman kuɗin da mai shi ya san inda yake.

Mai shago shi ma yana da abin da zai nema a amsar. "Komai daidai ne, Alhaji" ba ta wadatar ba, sai an ce mene ne aka duba. Amsa mai kyau takan ce: na sake tarawa, jimillar gaskiya kaza ce, kuskuren yana shafi kaza layi kaza, na gwada da banki, ga abubuwa huɗu da suka bambanta, uku na gane dalilinsu, ɗaya sai ka bincika, tsabar kuɗi ban duba ba domin ba a turo mini rasit ɗin sari ba. Wannan jimla ta ƙarshe tana da daraja kamar sauran, domin ita ke nuna wa mai shago inda har yanzu ba a haska ba. Kuma ko an duba duka ukun, akwai abin da ba za su nuna ba: kayan da ya fita daga shago ba a rubuta shi ko'ina ba. Wannan sai an ƙirga kayan da ke kan kanta da sito, an gwada da abin da aka saro da abin da littafi ya ce an sayar.

Idan an gano kuskuren, kada a goge shi, kada a shafa farin ruwan gyara a kai, kada kuma a yage shafin a sake sabo. A ja layi ɗaya siriri a kan 725,500 yadda za a iya karanta ta, a rubuta 752,500 a samanta, a sa kwanan wata da hannun wanda ya gyara. Haka za a yi wa jimillar ƙasa. Sannan a bi duk inda aka kai tsohon adadin, musamman shafin da ake tara watanni don lissafin shekara, a gyara shi can ma. Ita kuwa 25,000 ta ranar sha biyu, a cire ta daga gidan tiransifa a mayar da ita gidan bashi da sunan wanda ya karɓi kayan idan an san shi. Idan ba a san shi ba, a rubuta ta asara a watan da ta faru, sannan a kafa wa yaro ƙa'ida cewa kaya ba ya fita sai an ga kuɗin a asusun shago, ba a wayar mai saye ba.